Littafin kurakurai bisa ƙa'ida

Tambaya: Malam ya ce mu riƙa rubuta kurakuranmu na Turanci, to ta yaya zan jera su?

Ƙanena, ga abin da shugabanmu na kulob ɗin harshe a Samaru ya faɗa mana. Kada ka jera su bisa rana, kowace ƙa'ida ka ba ta shafinta. Shafi guda na he da she, tunda Bahaushe bai cika rikita su ba, zai zauna kusan fanko. Amma shafin s na aikatau, nan ne aiki: ka rubuta "she go", ka ja layi, ka sa "she goes" a gefe. Ni nawa sai da ya cika cikin sati 3. Ranar Juma'a ka duba shafin da ya fi cika, shi za ka maimaita.