Alamar Motsin Rai, Imoji da Raha a Imel na Aiki: Ina Iyakarsu?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Wata uku ke nan da na fara aiki a wani kamfanin fitar da riɗi a Bompai. Jiya oga ya ce imel ɗina kamar hirar WhatsApp suke, saboda ina sa alamar motsin rai da imoji. To amma wata abokiyar hulɗarmu ta Legas haka take rubuto mini, in na amsa mata ba ko ɗaya sai in ga kamar fushi nake da ita. Yaushe ya dace a sa su, yaushe kuma bai dace ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin ki sa ko ɗaya daga cikinsu, ki duba abin da imel ɗin yake ɗauke da shi tukuna. In akwai kuɗi a ciki, ko ranar kai kaya, ko laifin wani, ko ƙin amincewa da wata buƙata, ko labarin rashin lafiya da mutuwa, to ki rubuta shi da aya da waƙafi kawai, ko da wadda za ki aika wa aminiyarki ce. In kuwa godiya ce, ko taya murna, ko barka da Sallah, ko 'yar gajeriyar amsa tsakaninki da abokan aikin da kuka saba, alama ɗaya ba ta da aibu.

Dalilin ogan naki, ko da bai faɗa miki ba, shi ne imel ba ya tsayawa a hannun wanda aka rubuta wa. Ana danna Forward a tura wa akanta, ana sa manaja a Cc, ana bugawa a takarda a sa a fayil, wata shida bayan nan a ciro shi lokacin da rigima ta taso. Mutumin da zai karanta a wannan rana bai san ku kun saba ba, kuma ba cikin raha yake karantawa ba. Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011, a sashe na 84, ta ba kotu damar karɓar abin da ya fito daga na'ura a matsayin shaida in an cika sharuɗɗansa, kuma imel yana ciki.

Bari mu ɗauki irin saƙon da zai iya zuwa teburinki gobe. A ce kun loda tirela daga Dawanau, buhu 600, abokiyar hulɗarki ta Legas ta rubuto: "Kaya sun iso lafiya! 😊 Sai dai buhu 40 sun yi danshi, za mu cire kuɗinsu daga cikon da za mu biya." Hannunki zai so ya amsa mata da irin muryarta: "Madalla!! Daminar bana ce ta yi mana tsiya 😂 👍". A wayarki wannan amsa ta yi daɗi. Amma dubi abin da kika yi a layi ɗaya. Zolayar damina ta zama kamar amsa laifi, wato danshin daga wajenku ya fito, alhali ba ki bincika ba ko a hanya ruwa ya doki motar, ko a sitonsu. Fuskar dariya ta nuna asarar buhu 40 ba ta dame ku ba. Babban yatsan kuma shi ne mafi hatsari, domin ke "na ga saƙonki" kike nufi, ita kuma tana da cikakkiyar hujjar cewa kin yarda a cire kuɗin.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada, a shekarar 2021, wani mai sayen amfanin gona ya aika wa manomi hoton takardar cinikin wani irin da ake matse mai daga cikinsa, ya ce ya tabbatar. Manomin ya amsa da 👍 kawai. Lokacin kai kaya ya yi, farashi ya tashi, bai kai ba. Da aka je kotu ya ce shi nufinsa saƙo ya iso. A 2023 alƙali ya yanke cewa yatsan nan amincewa ce, musamman da yake a cinikinsu na baya da gajerun kalmomi yake amsawa kuma ya kawo kayan, aka umarci kamfaninsa ya biya kusan dalar Kanada 82,000. Saƙon waya ne, kuma hukuncin bai ɗaure kotunanmu ba, amma ya nuna miki yadda baƙo yake karanta alamar nan in kuɗi ya shiga tsakani.

Ga yadda zan so ki amsa mata: "Na gode da sanar da mu cewa kaya sun iso. Game da buhu 40 ɗin, don Allah ki aiko mana da hotunansu da sakamakon awon danshin da kuka yi. Ba mu amince da cire kuɗi ba tukuna, sai mun duba takardar lodi mun tattauna da direba. Zan dawo miki da amsa ranar Laraba in sha Allahu." Karanta shi a bayyane ki ji. Babu fushi a ciki. Akwai godiya, akwai "don Allah", akwai ranar da kika yi alkawari. Abin da ke sa rubutu ya yi sanyi a rai shi ne rashin gaisuwa da rashin bayani, kuma mu Hausawa muna da gaisuwa da addu'a da suka ishe mu: "da fatan kin wuni lafiya", "ya aiki", "Allah ya saka da alheri". Ko da Turanci kike rubutawa, jimla ɗaya ta gaisuwa a sama tana yin aikin da kike nema daga imoji. In ranar Laraba an daidaita, ta biya, nan ne za ki iya cewa "An gode ƙwarai!" har da murmushi ɗaya in kina so, tunda ita ta fara.

"Ita ta fara" ɗin nan ki riƙe shi. Babba ne yake buɗe ƙofar raha, haka ma mai saye. Kamar yadda ba za ki shiga ofishin Alhaji ki fara tsokanarsa ba sai in shi ya ja ki da wasa, haka imel yake. In oga ya rubuto miki da murmushi, kina iya mayar masa da ɗaya, ba uku ba. In bai taɓa sawa ba, ki bar shi. Imel na farko zuwa ga wanda ba ki sani ba, da takardar neman aiki, da duk abin da za shi banki ko kwastan ko wata ma'aikata a sakatariyar Audu Bako, ba a sa musu komai. Kuma in mutum goma ne a Cc, ki auna rubutun da wanda kika fi jin nauyi a cikinsu, ba da wadda kika fi sabawa da ita ba.

Alamar motsin rai kuwa, ma'anarta tana bin jimlar da ta zauna a kai. "Barka da samun ƙarin girma!" murna ce. "A aiko da rasit yau!" tsawa ce, ko da ba ki nufa ba, kuma in kika aika wa wanda ya girme ki zai ji kamar yarinya ta daka masa tsawa. Saboda haka ki bar ta ga godiya da murna, kada ki ɗora ta a kan umarni ko tuni. Ɗaya a imel guda ta isa. Biyu ko uku a jere, ko haɗa ta da alamar tambaya, ana karanta su a matsayin ɓacin rai. A layin Subject ma ki guje ta, domin jerin alamomi da manyan baƙaƙe suna daga cikin abin da ke sa saƙo ya yi kama da tallar 'yan damfara, wani lokaci har ya faɗa Spam.

Imoji yana da wata matsala tasa daban: abin da kika gani ba lallai shi mai karɓa zai gani ba. Kowane kamfani yana zana nasa, na Samsung daban, na iPhone daban. Tsohuwar manhajar Outlook ta shafe shekaru tana mayar da murmushi wani zane wanda a wasu na'urori yake fitowa a matsayin harafin J, mutane suna ta mamakin ko ƙaramin sa hannu ne. Ma'anar ma tana sauyawa da ƙasa. Murmushin nan 🙂 da muke ɗauka ladabi, matasa da yawa a Sin suna amfani da shi don gatse, ke kuwa a harkar riɗi ba za ki rasa masu saye daga can ba. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne 😂. A wani wurin da na taɓa aiki, mahaifin wani ma'aikaci ya rasu, aka sanar ta imel. Wani dattijo mai kirki ya danna Reply All, ya rubuta addu'a mai kyau, ya rufe da wannan fuskar har uku, don ya ga hawaye ya zaci kuka ne. Kowa ya san ba da gangan ya yi ba, amma mai makokin ya karanta, kuma dattijon ya kwana biyu yana bin mutane da ban haƙuri. A ta'aziyya, "Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri" ta wadatar.

Sai barkwanci. Wanda ba ya cutarwa shi ne wanda ya faɗa kan abin da ya dami kowa ba laifin kowa ba: cunkoson hanyar Katsina, sanyin hunturu, ɗauke wuta ana tsaka da taro. Layi ɗaya, a farko ko a ƙarshe, nesa da adadi da kwanan wata. Wanda nake roƙonki ki bari a baki shi ne wasan da muka gada, na Bakano da Bazazzagi, ko Bafulatani da Babarbare. A ofis, fuska da fuska, yana ƙara zumunci, domin kowa ya san ƙa'idarsa kuma ana ganin murmushin mai faɗa. In aka rubuta "bawana" a imel ɗin kamfani, aka tura shi Legas ga wanda bai taɓa jin wannan al'ada ba, abin da zai gani cin zarafin ƙabila ne, kuma ba kya wurin balle ki yi bayani. Haka zolaya kan addini, ko aure, ko jikin mutum, ko kuskuren da wani ya yi a aiki.

Game da oga, kada ki yi masa gardama. Ki buɗe akwatin Sent, ki karanta imel goma na ƙarshe da kika aika, ki ware waɗanda suka shafi farashi, biya, ko ranar lodi. In kin sami wanda kika amsa da 👍 kaɗai, ki bi shi yau da jimla cikakkiya da ke faɗin ko kin karɓi saƙon ne kawai ko kin amince. Sauran imel ɗinki zuwa gare shi ki rubuta su yadda yake rubuto miki nasa.