Chromebook ba shi da Print Screen: in mayar ko in riƙe?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Na sayi Chromebook na hannu a Adum don in riƙa adana odar kwastomomi da shaidar kuɗin da suke turo min ta MoMo. Na duba ko'ina ban ga Print Screen ba. Yarona ya taɓa ɗaukar hoton allo sau ɗaya, amma mun rasa inda ya shiga. In sayi wani kibod ne, ko in mayar da na'urar? Daga mai shagon yadi, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka, ka riƙe na'urarka, lafiyarta ƙalau. Haka ake ƙera Chromebook, wani maɓalli ne yake yin wannan aikin.

Dubi layin sama na kibod ɗin, wajen saman lamba 6. Za ka ga maɓalli mai zanen akwati da layuka biyu a tsaye a damansa, sunansa Show windows. Ka danne Ctrl ka taɓa shi, allon gaba ɗaya ya ɗauku. Amma ga aikinka na fi son ka saba da Ctrl + Shift + Show windows, wanda yake ba ka damar ja da yatsa ka zagaye iya wurin da kake so. Dalili kuwa, in kana cikin WhatsApp ka ɗauki allo duka, sunaye da lambobin sauran kwastomominka da ke gefen hagu za su fito a hoton, kuma kana iya tura shi ga wanda bai kamata ya gani ba. In wata rana ka jona kibod irin na sauran kwamfutoci, F5 ne yake tsayawa a madadin wannan maɓallin, wato Ctrl + F5.

Duk lokacin da ka ɗauka, hoton yana zuwa wuri biyu. Na farko shi ne clipboard, wato ma'ajiyar wucin gadi ta abin da aka kwafa. A ce wata Hajiya daga Asawase ta turo sidi 450 na shadda, ka zagaye saƙon, kana son tura wa yaronka da ke Kejetia ya ba da kaya. Ba sai ka nemi komai ba: buɗe hirarku, danna Ctrl + V, hoton zai liƙu, ka aika. In ka riga ka kwafi wani abu bayansa, danna maɓallin Search (wasu na'urorin Launcher suke kiransa, yana inda aka saba ganin Caps Lock) tare da V, za ka ga abubuwa 5 na ƙarshe da ka kwafa. Biyar ɗin nan ita ce iyakarsa, na shida yana shigowa na farko ya fita, kuma in ka kashe na'urar duk sun tafi.

Na biyu, hoton yana zama fayil. Buɗe Files, ko ka danna Alt + Shift + M, ka shiga My files sannan Downloads. Sunan kowane hoto yana farawa da Screenshot, sai kwanan wata da lokacin da aka ɗauka. Can ne na yaronka ya shiga. In babu shi, tambaye shi ko ta Guest ya shiga ranar, wato a matsayin baƙo ba da imel ba, domin duk abin da aka ajiye a Guest yana gogewa da zarar an fita.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a tambayarka. Shaidar kuɗi ce kake ajiyewa, kuma Downloads ba wurin ajiyar dindindin ba ne. Chromebook da yawa, musamman na hannu, wurin ajiyarsu ƙarami ne, 16 ko 32 GB, kuma in wuri ya cika na'urar tana iya goge fayiloli daga Downloads da kanta don ta samu sarari. Haka in ta samu matsala mai gyara ya yi mata Powerwash, wato ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, komai na ciki ya tafi. Ranar da kwastoma zai ce ya biya kai kuma kana neman shaida, a nan za ka ji zafin abin.

Maganinsa minti ɗaya ne. Danna Ctrl + Shift + Show windows, a sandar da ta fito a ƙasa ka taɓa alamar saiti, ka zaɓi Select folder, ka nuna masa wata jaka a Google Drive ɗinka. Daga nan kowane hoto can zai riƙa sauka, har a wayarka za ka gan shi. In data tana maka tsada, bar shi a Downloads, amma duk Juma'a bayan an sauko masallaci ka kwashe na makon zuwa filashi.

Abu ɗaya ne zai sa in ce ka koma Adum. In ka danna maɓallan sai saƙo ya fito cewa administrator ya hana ɗaukar hoton allo, ko ka ga an rubuta cewa wata makaranta ko kamfani ce take kula da na'urar, to har yanzu tana ɗaure a rajistarsu. Powerwash ba ya kwance wannan, sabon kibod ma ba zai yi komai ba. Ka kai wa mai shagon ya canza maka, kuma kafin ka karɓi wata, ka shiga da imel ɗinka ka ɗauki hoto ɗaya a gabansa.