Ba mai iya zane a cikinmu, mu biya mai zane ne?

"Mu huɗu ne masu aikin sa-kai a asibitin unguwarmu. Za mu ɗauki bidiyon minti ɗaya kan yadda ake haɗa ORS ga yaro mai gudawa. An ce mu fara zana yadda kowace fitowa za ta kasance, alhali ba mai iya zane a cikinmu. Mu biya mai zane ne, ko mu sayi manhaja?" Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

'Yar'uwa, ku riƙe kuɗinku. Farar takarda biyu da biro sun ishe ku. In akwai kuɗin kashewa, ƙaramar makirfo ta maƙalawa a riga za ku saya, domin murya ce ta fi lalata irin wannan bidiyo.

Wannan zane ba na nunawa jama'a ba ne. Aikinsa ya gaya wa mai riƙe waya inda zai tsaya da abin da zai shigo cikin hoto. Ku ninke kowace takarda gida huɗu, kun sami gida takwas, kowanne kamar daƙiƙa bakwai. In a WhatsApp za ku yaɗa, ku yi gidajen a tsaye, kamar yadda ake riƙe waya. Mutum kuwa da'ira ce da sanda. Ku ɗora wa uwa ɗankwali, yaro ku ƙaranta shi, shi ke nan. A ƙarƙashin kowane gida ku rubuta maganar da za a faɗa.

Abin da za ku dage a kai shi ne girman abu a cikin gidan. Gida na farko daga nesa: uwa zaune a tabarma, yaro a cinyarta. Amma gidan awon ruwa dole ya zo kusa, hannu da kwano su cika shi tam. Ƙunshin ORS na lita ɗaya ledar fiya wata biyu yake ci, mai 50cl, don haka ku zana ledojin biyu ɓaro-ɓaro, a gan su kafin a juye. Nan ne ake kuskure. In aka ɗauko daga nesa, mai kallo ba za ta san ruwa nawa aka zuba ba, kuma ruwan in ya gaza, gishirin ya yi wa yaron yawa. Zazzage garin duka, shi ma gidansa daban. Haka zubar da ragowar bayan awa 24.

Kafin ku ɗauka, ku rufe rubutun da hannu, ku miƙa wa wata uwa da ba ta cikin aikin, ta ba ku labarin abin da take gani. In ta ce "ta zuba ruwa" ba ta ambaci leda biyu ba, wannan gidan ku sake shi. Sai ma'aikacin lafiya ya duba awon.

In ma da'irar ta gagara, ɗayanku ta zauna ta kwaikwayi uwar, ku ɗauki hoto takwas da waya, ku jera su.