Kuskure a rahoton taron da aka riga aka amince da shi

Tambaya: Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta gama kai. A taron Maris an ware naira 150,000 don gyaran ofis, sai na rubuta 510,000. An amince da rahoton a Afrilu, shugaba ya sa hannu. Yanzu a Satumba mai binciken kuɗi ya gano. In goge in gyara?

Amsa: Malam sakatare, kada ka goge, kada ka yage shafin, kada kuma ka buga wani sabo ka maye gurbinsa. Tun ranar da aka amince da rahoton ya fita daga hannunka, ya zama na ƙungiya. Taro ne kaɗai zai taɓa shi. Shafin da aka kankare adadin kuɗi a kansa zargi yake jawowa, ko da gyaran gaskiya ne.

Fara tabbatar da cewa alƙalami ne ya zame. Duba takardar da ka yi rubutun farko a wurin taron, da rasit ɗin ma'aji, ka tuntuɓi wanda ya gabatar da ƙudurin. In ashe 510,000 ɗin aka yanke, yanzu ne mutane suka ga ya yi yawa, to rahoton daidai yake. Irin wannan lamari sabon ƙuduri yake bukata, don rahoto abin da ya faru yake ɗauka, ba abin da aka so a ce ya faru ba.

In kuskuren ya tabbata, sa shi a ajandar taro mai zuwa, sanarwar ta faɗi ranar tsohon taron, da sakin layin, da tsohon adadi da sabo. Kundin tsarin ƙungiyarku ne kan gaba. Inda ake bin ƙa'idojin Robert's Rules of Order, wato littafin tsarin gudanar da taro, rinjaye ya isa muddin an ba da sanarwa tun kafin taro. In ba a bayar ba, sai kashi biyu cikin uku na ƙuri'un da aka kaɗa, ko fiye da rabin dukkan mambobi. Sau da yawa shugaba kan tambaya ko akwai mai ja, in babu, gyara ya zauna. Wucewar watanni ba ta hana shi.

Rubutu wuri biyu za ka yi. A rahoton sabon taron ka rubuta: “An gyara rahoton taron Maris, sakin layi na 4, daga naira 510,000 zuwa naira 150,000,” tare da yadda aka amince. A tsohon shafin kuwa, ja siririn layi ɗaya a kan adadin yadda zai ci gaba da karantuwa, ka rubuta a gefe: “An gyara a taron Oktoba, duba shafi kaza.” Sa kwanan wata, kai da shugaba ku sa hannu.

In an taɓa kai wa banki kwafin tsohon rahoton, aika musu da gyararren tare da wasiƙa, in ba haka ba da tsohon adadin za su ci gaba da aiki.