Kuɗin hayar da aka biya tun gaba: wane asusu ake wa debit?

Salamu alaikum Baffa. An ba mu tambaya a makaranta: ɗan kasuwa ya biya hayar shago ta shekara ɗaya, naira 1,200,000, ranar 1 ga Oktoba 2024, kuma yana rufe littafinsa ranar 31 ga Disamba. Malaminmu ya yi wa asusun haya kiredit na 900,000, amma littafin da nake karantawa ya yi masa debit na 300,000. Wanne ne al'adar akantoci, kuma wanne zan rubuta a jarrabawa?

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'a.

Malaminku bai yi kuskure ba, littafin ma bai yi ba. Hanya biyu ce, kuma gida ɗaya suke kaiwa. Abin da ya raba su shi ne inda aka fara ajiye kuɗin ranar da aka biya, kuma wannan ne abin da ɗalibai ba sa tsayawa su duba kafin su ɗora biro.

Mu fara da ainihin abin da ya faru, kafin a zo batun debit da kiredit. Ki ɗauka mutumin nan shagon hatsi gare shi a Agege. Kin san halin masu gidaje a Legas, ba a ba ka mabuɗi sai ka dire kuɗin shekara. Ya dire 1,200,000, wato 100,000 kowane wata. Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Disamba ya zauna wata uku: Oktoba, Nuwamba, Disamba. Ki ƙirga da yatsu, kada ki ce 12 a cire 10 saura 2, don watan Oktoban kansa yana ciki tunda daga ranar farko aka fara. Saboda haka ya ci hayar 300,000. Sauran wata tara, Janairu zuwa Satumba, kuɗinsu 900,000, bai ci su ba tukuna. Haƙƙinsa ne da ke hannun mai gida, shi ya sa ake lissafa shi cikin kadara. To komai hanyar da aka bi, idan an gama gyara dole a sami 300,000 a asusun haya, wanda zai shiga lissafin riba da asara, a kuma sami 900,000 a asusun hayar da aka biya tun gaba, wanda zai zauna cikin kadarorin da ake juyawa a cikin shekara. Ki rubuta waɗannan lambobi biyu a gefen takardarki tun kafin ki taɓa komai.

Daga nan sai ki koma kan tirayal balans ɗin da aka ba ki, ki nemi inda 1,200,000 ɗin yake zaune. Idan kin gan shi a layin haya, a ɓangaren debit, ma'anarsa ranar biya akawun ya zuba kuɗin gaba ɗaya a matsayin kuɗin da aka riga aka kashe. Asusun ya yi nauyi fiye da kima. Yana ɗauke da 1,200,000, alhali 300,000 ne rabonsa. Sai a sauke masa 900,000. Asusun kashe kuɗi da debit yake ƙaruwa, don haka da kiredit ake rage shi. Abin da aka sauke kuma a kai shi asusun kadara, wanda shi ma da debit yake ƙaruwa. Ga yadda za ki rubuta shi, da sunayen da za ki gani a takardar jarrabawa:

```
Dr  Prepaid rent     900,000
    Cr  Rent                  900,000
```

Wannan ita ce hanyar malaminku. Ita ce kuma aka fi sabawa da ita a nan, domin tsarin koyar da lissafin kuɗi a Najeriya daga Ingila aka gado shi, kuma a aikace ma akawun da ke biyan kuɗi kullum ba ya tsayawa raba watanni. Ya biya haya, ya rubuta haya, sai ƙarshen shekara a zauna a gyara.

Idan kuwa kin tarar 1,200,000 ɗin yana layin hayar da aka biya tun gaba, to akawun ya ɗauki kuɗin duka a matsayin kadara tun ranar farko, kuma asusun haya babu ko kwabo a ciki. Yanzu kadarar ce ta yi nauyi, domin an riga an cinye wata uku daga cikinta. Sai a ɗebe 300,000 daga kadara a kai asusun haya:

```
Dr  Rent             300,000
    Cr  Prepaid rent          300,000
```

Wannan ita ce ta littafinki, kuma littattafan Amurka sun fi farawa da ita. Ki gwada ki gani: a hanya ta farko haya ta koma 300,000, kadara 900,000. A ta biyu kadara ta sauko daga 1,200,000 zuwa 900,000, haya ta tashi zuwa 300,000. Babu bambancin ko naira ɗaya.

Don haka ba ke za ki zaɓi hanya ba, tambayar ce take zaɓa miki. Wani lokaci ba za a ba ki tirayal balans ba, sai a faɗa cikin jimla cewa an rubuta kuɗin duka a asusun haya, ko an rubuta shi a matsayin kadara. Ki ja layi a ƙarƙashin wannan jimla, ita ce mabuɗin amsar. Idan tambayar ta yi shiru sam, ki zaɓi ɗaya, ki rubuta a fili abin da kika ɗauka kafin ki shigar da lissafin, don mai duba takarda ya ga tunaninki.

Yanzu bari in nuna miki inda ake faɗuwa, don wuri biyu ne kuma kowanne yana da alamarsa. Na farko, ɗalibi ya haddace ta littafi, sai ya yi wa haya debit na 300,000 a kan asusun da ya riga ya ɗauki 1,200,000. Haya ta zama 1,500,000, fiye da abin da mutumin ya biya gaba ɗaya, asusun kadara kuma ya koma da ragowar 300,000 a ɓangaren kiredit. Kadara da ragowa a kiredit, wannan kaɗai ya isa ya sa ki tsaya. Na biyu ya fi ɓuya: asusun daidai, lamba ba daidai ba. Ya yi wa kadara debit, ya yi wa haya kiredit, amma da 300,000 maimakon 900,000. Sai haya ta tsaya a 900,000, ribar shekara ta ragu da 600,000 ba gaira ba dalili. Abin da ke damuna da irin waɗannan kurakurai shi ne tirayal balans ba zai tona su ba. Debit da kiredit sun yi daidai da juna, ɓangarori biyu za su haɗu tsaf, ɗalibi ya fito yana murna. Maganinsa ki zana asusun nan mai siffar T a takardar gwaji, ki zuba abin da ke ciki da gyaran da kika yi, ki ga ko ragowar ta yi daidai da lambobin nan biyu da kika rubuta a gefe. Aikin minti ɗaya ne.

Akwai kuma ƙa'ida da za ta tsare ki daga kuskure na uku. A irin wannan gyara na ƙarshen shekara ba a taɓa asusun banki ko na tsabar kuɗi. Kuɗin ya fita tun Oktoba, an rubuta fitarsa tun ranar. Ranar 31 ga Disamba babu abin da ya motsa a banki. Kullum ƙafa ɗaya ta gyaran tana kan asusun da ke shiga riba da asara, ɗayar tana kan asusun kadara ko na bashi. Idan kin ga hannunki ya rubuta banki, ki goge.

Da na ambaci banki, ki cire saƙon da ke shigo miki a waya daga ranki idan kina wannan lissafi. Yara da yawa sun ɗauka kiredit yana nufin kuɗi ya shigo, debit yana nufin ya fita, saboda haka banki ke rubuto musu. Banki daga littafinsa yake magana, inda kuɗinki bashi ne a kansa, bashi kuwa da kiredit yake ƙaruwa. A littafin ɗan kasuwa debit hagu ne kawai, kiredit dama. Kadara da kuɗin da aka kashe suna ƙaruwa ta hagu. Bashi da jari da kuɗin shiga suna ƙaruwa ta dama.

A jarrabawar da ta fi wannan nauyi, irin ta ICAN, hukumar ƙwararrun akantocin Najeriya, sukan ƙara wa tambayar gishiri. Ki ɗauka shagon ba sabo ba ne, bara hayarsa 960,000 ce, ita ma daga 1 ga Oktoba, wato 80,000 a wata. Wata tara na waccan hayar, 720,000, sun tsallako cikin 2024, an mayar da su asusun haya a farkon shekara. Sai ki ga tirayal balans ya nuna haya 1,920,000. Nan ɗalibi yakan ruɗe ya raba 1,920,000 gida goma sha biyu, ya ɗauki kaso tara. Kuskure ne. Abin da ya rage ba a ci ba daga biyan ƙarshe kaɗai yake fitowa, wato har yanzu 900,000 ne. A sauke shi, haya ta tsaya a 1,020,000. Ki tabbatar ta wata hanya: wata tara a kan 80,000 sun ba da 720,000, wata uku a kan 100,000 sun ba da 300,000, jimla 1,020,000. Idan hanyoyi biyu suka haɗu haka, kin samu.

Za su iya kuma juya tambayar su ce ki rubuta littafin mai gidan. Tunanin bai canja ba. Ya karɓi 1,200,000, ya zuba a kuɗin shiga ta kiredit, amma 300,000 kaɗai ya halatta masa a bana. Sauran 900,000 nauyi ne a wuyansa, don bai ba da zaman wata tara ba tukuna. Sai a yi wa kuɗin shigar haya debit na 900,000 don a rage shi, a yi wa asusun hayar da aka karɓa tun gaba kiredit, ya zauna cikin bashi.

Game da tsarin rubutu, al'adar ita ce kwanan wata da farko, sannan asusun debit a layin sama, na kiredit a ƙasa an ɗan tura shi ciki, sannan gajeren bayani a ƙarƙashi, kamar a ce hayar wata tara da aka biya tun gaba, Janairu zuwa Satumba 2025. Idan tambaya ta nemi bayanin, kada ki bar shi, yana da makinsa. Ki kuma nuna yadda kika samo lambar, 9/12 × 1,200,000, a fili, don ko kin yi tuntuɓe wajen ninkawa a ga hanyarki daidai ce.

Kafin ki kwanta yau, ki sake yin tambayar da ranar biya ta koma 1 ga Afrilu 2024, kuɗin yana zaune a asusun haya. Wata tara aka ci, uku suka rage, don haka lambobin za su yi musaya: gyaran ya zama 300,000, hayar shekara ta tsaya a 900,000. Ki yi shi ta hanyoyin biyu, ki turo mini hoton takardar in duba. Ki gaida mahaifiyarki.