Takardar Tashi Ga Ɗan Haya: Yaushe Ake Bayarwa, Me Ake Rubutawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina da gida a Badariya, Birnin Kebbi. Wani malamin makaranta yana haya a ciki tun 1 ga Janairu 2022. Mun rubuta yarjejeniyar shekara ɗaya, daga nan ba mu sake rubuta komai ba, yana dai biya duk Janairu ina ba shi rasit. Ɗana zai yi aure, ina son gidan idan kuɗinsa ya ƙare ƙarshen Disamba 2025. Mutumin kirki ne, ko sau ɗaya bai taɓa ɓata mini ba. Yanzu muna watan Mayu. Yaushe zan ba shi notis, kuma me zan rubuta don kada mu ɓata?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a auren. Ka yi dabara da ka yi tambayar tun yanzu, domin lokacin da ya rage maka bai kai yadda kake zato ba. Takardar nan ya kamata ta shiga hannun Malam kafin watan Yuni ya fita.

Ga dalili. Da a ce a cikin shekarar farko kuke, wato 2022, da hayar ta ƙare da kanta ranar 31 ga Disamba, tunda takarda ta yanke farko ta yanke ƙarshe. Irin wannan haya ba ta buƙatar dogon notis. Amma takardarku ta ƙare, shi ya ci gaba da zama, kai ka ci gaba da karɓar kuɗin shekara kana rubuta rasit, har sau uku. A idon doka wannan ya mai da shi ɗan hayar shekara-shekara, hayar da take sabunta kanta duk Janairu sai an tsayar da ita da notis. Ƙarewar kuɗinsa a Disamba ba ita ce ƙarewar hayarsa ba. Nan ne masu gidaje da yawa suke tuntuɓe, kuma ba don mugunta ba, don dai a ganinsu kuɗi ya ƙare magana ta ƙare.

Dokar karɓar gida daga ɗan haya ta jiha ce, amma ma'aunin da aka saba da shi a Najeriya shi ne: mai biyan mako-mako a ba shi mako ɗaya, mai biyan wata-wata wata ɗaya, mai biya duk wata uku a ba shi wata uku, mai biyan shekara kuwa wata shida. Wannan ma'auni yana aiki ne idan ku biyu ba ku yanke wani wa'adi a rubuce ba. Saboda haka kafin ka ɗauki biro, ciro tsohuwar takardar nan ta 2022 ka karanta ta daga sama har ƙasa. Idan akwai layin da ya ce notis wata uku ne, kotu takan bi abin da kuka amince a kai. Idan babu, wata shida ne cif.

Lissafin kuwa haka yake. Shekarar hayarku tana ƙarewa 31 ga Disamba, to notis ɗin ya ƙare a wannan rana, kuma ya kasance akwai cikakkun watanni shida tsakanin ranar da ya karɓa da ranar. Daga 1 ga Yuli zuwa 31 ga Disamba wata shida ke nan, wato ranar ƙarshe da za ka iya miƙa masa ita ce 30 ga Yuni. Ranar da takarda ta shiga hannunsa ake dubawa, ba ranar da ka rubuta a samanta ba. Ba laifi notis ya zarce wata shida, gazawa ce matsala, ko da da kwana ɗaya ne. Ni dai shawarata kada ka jira Yuni, ka kai masa cikin makon nan. Na taɓa ganin mai gidan da ya rubuta takardarsa ranar 28 ga Yuni ya ba yaron shagonsa ya kai, yaro ya sa a aljihu bai kai ba sai 3 ga Yuli. Da magana ta je gaban alƙali, a kan kwana ukun nan aka yi ta jayayya, ba a ma kai ga zancen gidan ba. Gaskiya ne a 2021 Kotun Ƙoli, a shari'ar Pillars da Desbordes, ta nuna cewa ɗan haya ba zai fake da kuskuren notis ya dawwama a gidan mutane ba. Sai dai ita kanta wannan shari'a ta haura shekara 20 tana yawo a kotuna, kai kuma biki ne a gabanka.

Yanzu ga maganar kada ku ɓata, wadda na ga ita ta fi damunka, kuma ta cancanci ta dame ka. Kada takarda ta riga ka isa. Ka je da ƙafarka bayan La'asar, ku gaisa, ka tambayi iyali, ka faɗa masa da bakinka cewa yaro zai yi aure kuma za ka buƙaci gidan. Sannan ka ce masa za ka kawo takarda, ba don rashin yarda ba, don rai da ajali, kuma don shi ma ta kare shi kada wani ya taso masa kafin lokaci. Mutumin da ya ji magana daga bakinka, takarda ba za ta yi masa zafi ba. Wanda ya dawo daga aiki ya tarar an zura ta ta ƙarƙashin ƙofa, ko kalmomin zinariya ka rubuta ya riga ya ji an wulaƙanta shi.

A cikin rubutun ne kunya take yi mana illa. Mu Hausawa idan za mu nemi abu mai nauyi sai mu lulluɓe shi: "idan da hali", "ka duba yiwuwar", "zuwa wajen ƙarshen shekara". A zaure wannan ladabi ne, amma a takarda yana kashe notis, domin doka tana son magana ɗaya tak wadda ba ta da sharaɗi: ka bar gida kaza, rana kaza. Abin da nake gaya wa masu zuwa ofishina shi ne su zuba duk girmamawarsu a farkon takarda da ƙarshenta, su bar tsakiya a tsaye. Ga yadda taka za ta iya kasancewa:

"20 ga Mayu 2025. Zuwa ga Malam Wane, gida mai lamba kaza, layin kaza, Badariya, Birnin Kebbi. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni, Alhaji Wane, mai gidan da aka ambata a sama, wanda ya ƙunshi ɗaki uku da falo da kicin, kuma kake zaune a ciki a matsayin ɗan hayar shekara-shekara, ina sanar da kai cewa hayarka za ta ƙare ranar 31 ga Disamba 2025. Ina buƙatar ka bar gidan ka miƙa mini shi tare da makullansa a wannan rana. Dalili shi ne buƙatar iyalina ga gidan. Ina shaida cewa zamanka da mu zaman mutunci ne, kuma ina godiya. Naka, Alhaji Wane, mai gida."

Ka lura da abubuwan da ke ciki, domin su alƙali zai nema: cikakken sunansa kamar yadda yake a rasit, bayanin gidan yadda ba za a rikita shi da wani ba, irin hayar, matsayinka na mai gida, ranar tashi da lambobi, da sa hannunka. Irin hayar nan kada ka yi wasa da ita. Idan ka rubuta "ɗan hayar wata" alhali shekara yake biya, ka ba shi makamin da zai rushe takardar. Kuma ka lura babu barazana, babu tone-tone. Ko da akwai bashin kuɗin wuta ko famfon da ya karye, wannan a takarda dabam za a yi shi. Yana da kyau ka sa a rubuta ta da Turanci ma, a haɗa biyun ya karɓa tare, tunda fom ɗin da doka ta tanada da Turanci yake. Idan dillali ko lauya ne zai sa hannu a madadinka, ka fara ba shi izini a rubuce mai kwanan wata kafin ranar notis ɗin, in ba haka ba ana iya ƙalubalantar ikonsa.

Sai miƙawa. Ka yi kwafi biyu, ka tafi da mutum ɗaya baligi wanda zai iya tsayawa ya ba da shaida, ka ba Malam hannu da hannu. A ƙasan naka kwafin ya rubuta "na karɓa", ya sa hannu da kwanan wata. Sa hannun ba yana nufin ya yarda ba, yana nufin ya karɓa kawai, ka faɗa masa haka don hankalinsa ya kwanta. Idan ya ƙi sa hannu kada ka ja, shaidarka ya rubuta rana da lokaci da abin da ya faru a bayan kwafin. Kada ka ba yara, kada ka ba maƙwabci. Hoton takardar a WhatsApp ƙari ne mai amfani, amma kada ka dogara da shi shi kaɗai.

Akwai tarko ɗaya da ke jiran mutane masu sauƙin hali irinka. Disamba ta zo, Malam ya ce bai samu gida ba, ko kawai ka ji alat ya turo kuɗin 2026. Idan ka riƙe kuɗin nan ka rubuta rasit na haya, ana iya cewa ka buɗe sabuwar shekara, notis ɗinka ya tashi a banza. Ka mayar masa nan take ta hanyar da za ta bar shaida. Idan kuma zuciyarka ta ga a ƙara masa wata biyu, wanda ni ba zan hana ka ba matuƙar ranar biki ta ba da dama, to ku rubuta ƴar gajeriyar yarjejeniya: zai zauna daga 1 ga Janairu zuwa 28 ga Fabrairu 2026 a kan kuɗi kaza, ba sabuntawa. Ku sa hannu ku biyu da shaidu.

Idan ranar ta wuce bai fita ba, har yanzu ba ka da ikon fitar da shi da hannunka. Mataki na gaba notis ne na biyu, na kwana bakwai, wanda yake sanar da shi cewa za ka je kotu neman a karɓar maka gidanka. Ba a bayar da shi sai na farko ya ƙare, wato daga 1 ga Janairu, kuma cikakkun kwana bakwai ake ƙirgawa ban da ranar da aka miƙa. Wannan kam ka bar wa lauya ya tsara shi bisa fom ɗin dokar jiha. Bayansa sai ƙara, kuma kana iya neman kuɗin zaman da ya yi bayan ƙarewar haya. Canza kwaɗo, cire kwano, yanke wuta ko ruwa, fitar da kaya waje, ko ɗauko ƴan sanda ko ƴan banga su tsorata shi, duk doka ba ta yarda da su ba, kuma suna iya juya shari'ar ta koma kai ake nema da diyya. Mai unguwa ko limaminku za su iya shiga tsakani a yi sulhu, sau da yawa ma a nan maganar take mutuwa, amma umarnin fitarwa na kotu ne, ma'aikatanta ne kuma suke zartarwa.

Daga yadda ka siffanta Malam, ina kyautata zaton ba za ku kai can ba. Ranar da zai miƙa makullai ku zagaya gidan tare, ku duba ƙofofi da tagogi da banɗaki, ku rubuta abin da mita ta nuna, idan akwai kuɗin ajiya a hannunka ka cire abin da ya wajaba ka mayar masa da saura a gaban shaida. Sannan ku rubuta layi biyu cewa ya miƙa gida rana kaza, ka karɓa, babu mai bin wani, kowa ya riƙe kwafinsa.