Me ya sa CAPM ba ya saka wa kowane haɗari da riba?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai nazarin harkar kuɗi a jami'a nan Zinder. Na ga hannun jarin da farashinsa ke hawa da sauka ƙwarai, amma CAPM, tsarin lissafa ribar da ake tsammani daga jari gwargwadon haɗarinsa, ya ba shi riba ƙasa da ta wani mai natsuwa. Ashe ba yawan haɗari ne ke kawo yawan riba ba?

Amsa: Haɗari kashi biyu ne, kuma ɗaya kawai kasuwa take biya. Ɗan kasuwar da ya raba jarinsa tsakanin gero, albasa da fatu ba ya karyewa don mota ɗaya ta lalace a hanyar Magariya, amma ranar da aka rufe iyaka duk hajarsa takan ji a jika. Na farkon yana narkewa idan an rarraba jari, don haka babu mai ba ki lada a kansa. Na biyun ba ya rarrabuwa, shi ne beta ke aunawa a tsarin CAPM da William Sharpe ya fitar a 1964:

```
E(Ri) = Rf + βi × [E(Rm) − Rf]
βi = ρ(i,m) × σi / σm
```

Mu ɗauka ribar da ba ta da haɗari, wato Rf, 6% ce, ana sa ran kasuwa ta ba da 11%, ladan haɗarin kasuwa ya zama 5% ke nan, kaɗawar kasuwar kuma, wato σm, ma'aunin hawa da saukarta, 15% ce. Kamfani na farko kaɗawarsa, wato σi, 40% ce, amma dangantakarsa da kasuwa, wato ρ, 0.3 kawai, sai betarsa ta zama 0.8, ribar da ake tsammani 10%. Na biyu kaɗawarsa 24%, dangantakarsa 0.75, betarsa 1.2, ribarsa 12%. Kin ga mai natsuwar ya fi riba, domin yawancin motsinsa na kasuwa ne, alhali a na farkon 9% kacal na bambancin ribarsa, wato 0.3 sau 0.3, kasuwa ke bayyanawa.

Sai dai ina roƙonki kada ki amince da ƙaramar beta tun ba ki duba inda ta fito ba. A kasuwar BRVM ta Abijan, inda ake cinikin hannayen jarin ƙasashenmu masu amfani da sefa, akwai waɗanda ba a yawan cinikinsu, farashinsu kan makara wajen bin kasuwa, sai lissafi ya nuna dangantaka ƙasa da ta gaskiya. Alamar ita ce yawan ranakun da farashi bai motsa ba a jerin alƙalumanki. Idan kin ga haka, ki koma ga ribar wata-wata, ko ki bi hanyar Dimson ta 1979: ki shigar da ribar kasuwa ta ranar da ta gabata da ta ranar da ta biyo baya cikin lissafin tare da ta ranar kanta, sannan ki tara betocin uku.